Kujerar A-Inuwa Ta Sha Rana

Duk wanda ya ce muku haƙuri ba shi da haƙora, ku turo shi benenmu, hawa na biyu, ƙofar da ke kallon tawa. Can ne gidan A-Inuwa. Ni ba na shiga harkar mutane, kowa ya sani. Bangon ne dai siriri, kunnena kuma lafiyarsa lau, ya zan yi?

A-Inuwa mai gyaran takalmi ne. Amma kada ku kuskura ku ce masa shushaina, sai ya yi kwana uku bai amsa gaisuwarku ba. Shi a wurinsa likitan fata ne. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune ƙarƙashin rumfar bakin titi, tsakanin mai jarida da mai gyaran agogo, da akwatinsa da burushi huɗu da tsummoki waɗanda, wallahi, sun fi rigar jikinsa tsabta. Sunan kuwa bakinsa ya ja masa. Ko sannu ka ce masa da takalmi a hannu, kafin ya amsa sai ya ce, "A inuwa za ka shanya shi fa, a inuwa." Yara suka ɗauka, manya suka karɓa, yau ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno sunansa na gaskiya.

Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Takalmi ya zo hannunsa, sai ya zare igiya, ya kakkaɓe ƙura da burushi tukuna, don a cewarsa wanda ya shafa mai a kan ƙura yashi yake goga wa fata. Sannan ya jiƙa tsumma ya matse shi har sai ya daina ɗiga, ya goge. Ya ajiye takalmin a ƙarƙashin benci ya sha iska. Sai ya bushe sarai zai lakato man laushin fata, ɗan mitsitsi kamar wanda ke bin mai da rowa, ya murza har fata ta shanye. Man ƙyalli shi ne na ƙarshe, shi ma shafa ɗaya siririya. Idan kana sauri ka tafi da abinka, ba ruwansa.

Abin da ya lalata shi baki ne. Na taɓa tsayawa a rumfar wani direban tasi ya kawo sau-cikinsa, ya yi tauri kamar busasshen kifi, gaban duk ya dare.

"Ruwa ya dake shi ko?" in ji A-Inuwa.

"Ya dake shi, Baba."

"Ka ɗora shi a kan injin mota ya bushe."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ya aka yi na sani! Kai da an tsamo ka daga ruwa a ɗora ka kan inji, ya za ka koma? Jarida ake cusa masa a ciki, a ajiye shi a inuwa, ko kwana biyu zai yi. Zafi ya zuƙe man da ke cikin fatar, sannan ka zo ka lafta masa man ƙyalli kamar mai yaɓen ɗaki. Ka ga nan inda ƙafa ke lanƙwasa? Nan ya fara fashewa. Fatar da ta tsage ba ta haɗewa, ɗana. Kai wannan ba gyara ka kawo ba, gawa ka kawo. Allah ya jiƙansa, ya shirya mai shi."

Direba ya tafi da kunya, mai jarida yana dariya har da riƙe ciki. Haka yake yi wa kowa. Mai kuɗi, talaka, malamin makaranta, duk jahilai ne a gabansa muddin akwai takalmi a ƙafarsu.

To duk wannan wasan yara ne a kan kujerar.

Da can, kafin rumfa ta zama ita kaɗai ce abin yinsa, yana yi wa wani kamfani sharar ofis da safe. Da kamfanin ya rufe, shugaban ya bar masa doguwar kujera mai cin mutum uku, ta fatar saniya ta gaske, ruwan ƙasa mai duhu. Ranar da aka hau da ita bene, ni ina amarya a gidan, na ga namiji yana tafiya da baya yana yi wa masu ɗauka kuka: "A hankali da kusurwa! Ku goge ni da bango, kada ku goge ta!"

Tun daga ranar, shekara ashirin da biyu, babu mazaunin ɗan Adam da ya san ɗumin kujerar nan, in ban da sau ɗaya, zan zo kansa. Ya sa ta a bangon da ya fi nisa da taga. Ya sayi labule mai kauri irin na ɗakin duhu, falon ya koma kamar rijiya. Duk ƙarshen mako ya share ta da busasshen tsumma mai laushi, ya bi lungunan ɗinki da ƙaramin burushi. Sau biyu a shekara ake babban wanka: ruwa mai ɗan ɗumi, ɗigon sabulu mara ƙarfi, tsumma matsattse, gefe-gefe, yana gogewa yana tsanewa da wani. Ta huta har ta bushe, sannan ya bi ta da man laushi, washegari ya goge abin da ya rage. A ranakun nan ba a soya komai a gidan, ba a dariya da ƙarfi. 'Ya'yansa biyu a kan leda suka girma, suna kallon kujera kamar yayarsu da ta yi karatu a waje. Da suka samu ƙafa suka gudu, babu wanda ya waiwayo.

Matar kuwa muna kiranta To-Maigida, don abin da muka taɓa ji daga bakinta ke nan. 'Yar siririya, tana tafiya kamar tana ba wa ƙasa haƙuri. Kullum in ya dawo, yana cin abinci a ƙasa yana yi mata karatu, ni ina ji ta bango har na haddace.

"Garin sabulun wanki yana cinye man fata. Kin ji?"

"To, maigida."

"Ruwan zafi, haram. Bilic, kisan kai. Sifirit da kalanzir suna ɗauke launin da rufin da ke kai. Man girki yana sa ta baƙi ta yi wari. Man takalmi ba na kujera ba ne, a rigar mutane zai ƙare. Komai za ki sa, ki fara gwadawa a baya inda ido ba ya gani. Rana kuwa..."

"A inuwa, maigida."

"Ke dai kin iya maimaitawa kamar aku. Kan kifi ne da ke, ba abin da ke zama."

Shekara ashirin da biyu ana zuba wannan a kunnen mace ɗaya. Ko dutse ne ai ya ci jarrabawa.

Yanzu zancen zama sau ɗayan. Shekara tara ke nan, uwar To-Maigida ta zo ganin likita saboda gwiwa. Tsohuwa tukuf, ta hawo bene biyu tana hutawa a kowace matakala, ta shigo ta ga kujera shimfiɗe kamar ana jiranta, ta zube a kai ta ce alhamdulillahi. Ƙafafunta sun sha man zafi, kanta ya sha man kitso, ta jingina. Sai ga A-Inuwa. Ni ina bakin ƙofa na zo aron turmi, da idona na gani.

Bai gaishe ta ba. Surukarsa fa! Cewa ya yi, "Inna, tashi."

"Na'am, ɗan nan?"

"Tashi, Inna. Maiƙon kanki yana shiga fatar."

Ya kama hannunta ya sauke ta ƙasa, kan leda, nan gefen ƙofar kicin. Ya durƙusa a gabanta yana danna tsumma a inda kanta ya taɓa, yana tsaki, ya barbaɗa garin sitaci ya tsotse maiƙon. Tsohuwa tana zaune da gwiwa a miƙe tana kallon yadda ake wanke wurin zamanta. Ta sha ruwa rabin kofi, ta ce a kira mata mota. Ba ta sake taka gidan ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da aka zo ta'aziyya ma a ƙasa mutane suka zauna, kujera tana lulluɓe da zanin gado kamar ita aka yi wa rasuwa.

Me To-Maigida ta ce? Kun riga kun sani.

Ana nan, tsufa ya zo wa A-Inuwa ta ido. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagu yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Sau biyu yana shafa wa takalmi ruwan ƙasa baƙin mai, shi da ke zagin duniya. Masu kawo aiki suka fara wucewa ta ɗaya gefen titi. Ga baya, ga ƙurar motoci. Kowa ya ga rumfa ta kusa ƙarewa, shi ma ya gani, da ido ɗayan.

Sai Allah ya kawo manajan wani otal, mutum mai farar kwat da turare mai riga shi isowa. Otal ɗin yana da kujerun fata sun fi arba'in, duk masu shara sun kashe su da feshin goge gilashi. Yana neman mutum ɗaya da zai riƙe su, aiki na dindindin, cikin sanyi, da ɗan ɗakin ajiye kaya. A-Inuwa ya ji kamar an buɗe masa ƙofar aljanna ta baya.

"Ranka ya daɗe, ni ba na cika baki," in ji sarkin cika baki. "Ka zo gidana ka ga kujera mai shekara ashirin da biyu a hannuna. In ka samu tsaga ɗaya ko kamar gashin gira, kada ka ɗauke ni. Kuma kai ne za ka zauna a kanta. Ko matata ba ta taɓa ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ya dawo gida ya maimaita ta a gabanta, yana dariya. Na ji.

Manaja ya ce sharaɗi ɗaya, a gyara idon tukuna. Aka sa ranar aikin ido. Asibitin yana can ƙarshen gari kusa da gidan ƙaninsa, likita kuma ya hana shi sunkuyo da shiga ƙura, saboda haka zai yi mako guda a can. Manaja zai zo ranar da A-Inuwa zai dawo, da hantsi. Da zai tafi bai ce wa matarsa ki kula da kanki ba. Cewa ya yi, "Kada ki taɓa ta. Kada ki buɗe labule."

"To, maigida."

Motar da ta ɗauke shi ba ta sha kwanar titi ba na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Maƙwabciya, zo ki kama mini wani abu."

Na rantse muku ban taɓa jin ta haɗa kalma bakwai a jere ba sai ranar. Na shiga na tarar labule a ƙasa, rana ta cika falon har kyankyasai suna neman hanya. Ta buɗe ƙofar baranda gaba ɗaya. Barandarsu kuwa yamma take kallo, daga azahar zuwa faɗuwar rana ko ƙwai ka ajiye sai ya dahu.

"Yaya, me za ki yi?"

"Baƙo zai zo. Wanka zan yi mata."

Ni dai an ce in kama, na kama. Maƙwabtaka ai hakki ce. Muka tura ta har baranda.

Abin da na gani a kwana shidan nan, ban taɓa ganin ɗalibi ya bi karatun malaminsa daki-daki haka ba, sai dai daga ƙasa zuwa sama. Ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta zazzaga garin sabulun wanki har kumfa ta kai mata gwiwar hannu. Amma kafin ta fara sai ta zagaya bayan kujera, can ƙasa, ta goga kaɗan da gefen soso mai kaushi. Ta jira. Launi ya fito a soson.

"Ya ce a fara gwadawa inda ido ba ya gani," in ji ta. "Yana ci."

Ta bi ta tas, ta kwara ruwa har yana tsiyaya kan wankin mutanen ƙasa. Ta bar ta a rana. Washegari bilic. Rana. Rana ta uku sifirit, a daidai inda kan uwarta ya taɓa jingina ta fi daɗewa, tana murzawa ba ta ko ƙifta ido. Rana. Inda soson cikin kujerar ya ƙi bushewa a lungu ta ari na'urar busar da gashina ta kunna ta a mafi zafi. Ni na ba ta, e, ai ba a hana maƙwabci aro. Kwana na biyar fatar ta yi fari-fari, ta ɗame, ta ƙanƙance har ɗinki yana ja. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa ta amsa kamar ƙofa.

"Yaya, ai zai gani."

"Da wane idon?"

Rana ta shida ta buɗe akwatinsa na gida, ta kwashe gwangwanin man takalmi ruwan ƙasa guda biyar, ta lafta mata da cokali, ta goge sama-sama. Muka mayar da ita bangonta, muka ɗaga ta cak don kada fatar ta dare. Ta mayar da labule. A cikin duhun nan, wallahi, kujera tana ƙyalli kamar amarya.

Ya dawo da hantsi, ido ɗaya a ƙarƙashin baƙin tabarau, ƙaninsa ya sauke shi ya juya. Ni kuma sai ga shi ina bukatar gishiri a daidai lokacin.

Bai kai tsakar falo ba ya tsaya. Hancinsa ya buɗe. Mutumin da ya shekara talatin yana shaƙar man takalmi ba a ɓoye masa shi. Ya tako a hankali ya ɗora tafin hannu a kan hannun kujerar, yadda ake taɓa goshin mara lafiya. Ya daɗe a haka.

"Me kika yi?" Muryar kamar ta ɗan tsako.

"Wanka, maigida."

"Da me?"

Ta lissafa masa. A tsare, da kwanakinsu, ba ta tsallake ko ɗaya ba, da irin muryar da yake yi mata karatu. Ta ƙare da cewa, "Ka ce kan kifi ne da ni. Ka ga duk na riƙe."

Ya buɗe baki ke nan aka buga ƙofa. Turare ya riga ya shigo.

Manaja ya shigo da farar kwat da farin wando, yana murmushi. "Baba, ya ido? A'a! Ita ce wannan? Kai, ka ga ƙyalli!"

"Ranka ya daɗe, yau ba... a dawo wani... ba ta jin daɗi..."

"Wa? Kujerar?" Manaja ya tuntsire da dariya.

A-Inuwa ya shiga tsakaninsa da ita ya baza hannuwa, kamar yadda ya saba tare 'ya'yansa. Sai ga To-Maigida da kofin ruwa a faranti, ta rusuna har ƙasa.

"Zauna mana, ranka ya daɗe. Ai shekara ashirin da biyu ake yi maka ajiyarta. Ko uwata da ta zauna tashinta aka yi."

Manaja mutum ne mai jiki, Allah ya ba shi. Ya kewaye tsoho ya saki nauyinsa gaba ɗaya a tsakiya.

Mutanen ƙasa sun rantse sun ɗauka taya ce ta fashe. Ni dai abin da na ji kamar an taka tarin busasshen ganye ne, ƙaras-ƙaras-ƙaras, sannan wani dogon ɓaaar, ɗinkin gaba ya rabu. Fatar ta dare daga ƙarƙashinsa ta ko'ina kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ya dafa hannun kujera zai tashi, nan ma ta fashe. Da ya miƙe ya juya, tun daga kafaɗa har bayan gwiwa farar kwat ta koma ruwan ƙasa, da zanen tsagogin a jiki, kamar taswira. Na cusa gyale a baki, amma ta hanci ta fito.

Ya kalli tafin hannunsa. Ya kalli tsoho.

"Man takalmi," ya ce. "A kan kujera. Masu sharata ma ba su kai nan ba. Arba'in zan damƙa maka?"

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe, wallahi matata ce..."

"Wanda bai iya tsare kujera ɗaya a gidansa ba. Allah ya ƙara lafiyar ido, Baba."

Ya sauka bene yana tafiya a karkace, bayansa a bango, yaran gidan suna binsa. Kafin la'asar labari ya kai rumfa. Direban tasin nan da kansa ya zo ya tsaya da mota yana danna ham: "Likita! An ce an yi maka rasuwa! A rana aka shanya ta ko?"

Idon ya warke tas, abin tausayi. Da ya zauna da yanarsa da ya fi masa, don yanzu babu tsagar da ba ya gani. Ya koma rumfa, ga baya ga ƙura, masu kawo aiki ɗaya-ɗaya, kuma ko ka kawo masa takalmin da aka dafa a tukunya ba ya cewa uffan. Otal sun ɗauki wani.

Kujerar tana nan. Ya ƙi a fitar da ita, ita ma ta ƙi. Labule kam ya zama tsumman goge ƙasa. Da yamma in ya dawo sai ya ɗauko man laushinsa ya zauna a kan leda yana cusa shi cikin tsagogin da ɗan yatsa, shi da ya gaya wa rabin gari cewa fatar da ta tsage ba ta haɗewa. To-Maigida kuwa ta yi ƙiba. Tana kishingiɗe a kai, kanta ya sha man kitso, ƙafafu a miƙe, tana ɓare gyaɗa tana zuba ɓawon a cikin ramin da manaja ya bari.

Jiya na shiga mayar da gishirin, na tarar ya bi ta da mai har ya iso inda ƙafarta take. Ya tsaya. Ya yi gyaran murya.

"Ɗan ɗaga ƙafar in shafa nan."

Ta jefa gyaɗa a baki, ta tauna, ta haɗiye.

"Gwiwata ke ciwo," ta ce. "Ka jira."

Ya koma gefen ƙofar kicin ya zauna da gwangwaninsa a hannu. Har na fito yana jira.